Me ya sa muke cewa "ƙasashan" ba "ƙasasan" ba? Wa aikin jeranta dokoki ya taɓa kayarwa?

Hauwa: Salamu alaikum. 'Yan uwa masu karatun tsarin sauti, ina son jin yadda kuka yi da wannan aikin, don ni ya ci mini maki. An ba mu ƙasa, ƙasashe, ƙasashen, aka ce a Kano ta ƙarshen "ƙasashan" ake furta ta, mu jera dokokin. Na san dokoki uku ne: ganɗantawa, wato irin yadda s ke komawa sh a gaban i ko e, gajarta dogon wasali a rufaffiyar gaɓa, sai gajeren e ya koma a. Na sa ganɗantawa a ƙarshe, sai na tashi da "ƙasasan". Na ga ba Hausa ba ce, amma lokaci ya ƙure, haka na miƙa takardar.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Shekaruna da dama ina duba irin wannan aiki, kuma a nan yawanci ake tuntuɓe. Bi shi a hankali:

```
ƙasaasee + n
ƙasaasheen   (s → sh)
ƙasaashen    (ee → e)
ƙasaashan    (e → a)
```

Dubi biyun ƙarshe tukuna. Babu gajeren e a kalmar sai da gajartawa ta samar da shi, sannan dokar e → a ta sami abin ci. Wannan ita ce ciyarwa, wadda ɗalibai ke kira fidin. Abin da kika yi kuwa shi ne bilidin: kin bar e ya koma a da wuri, ganɗantawa ta zo ta tarar an janye mata tabarma. Masanin harshe Kiparsky ne ya raɗa sunayen biyu a 1968. Amma bakin Bakano bai bi tsarinki ba. Ganɗantawa ce ke riga, ta yi aikinta, daga baya a share wasalin da ya jawo ta. Shi ya sa ake jin sh ba a ganin dalilinta. Doka ta ɓad da sawu, shi ne kantabilidin.

Abba: Ni fa a waya na gane shi, ba a aji ba. Ina cikin a-daidaita-sahu daga Kabuga, ƙanena ya turo mini "ina wajan gidajan malamai". Har na fara yi masa gyaran rubutu, sai na tsaya. Gida, gidaje, gidajan. Ga j zaune daram, e ɗin da ya haife ta babu. Tun ranar, duk aikin da aka ba ni sai na furta shi da ƙarfi kafin in taɓa biro.

Maman Ilham: To ai tebur da asibiti ma haka ne ko? Ga t a gaban e da i, ba ta koma c ba. Ni su na kawo misali a jarrabawa.

Malam Sani: A'a Hajiya, waɗannan kalmomin aro ne da dokar ba ta hau kansu ba. Kafin ki ce tsari ne ya hana ta, sai kin nuna wata doka da ta samar da e ɗin bayan ganɗantawa ta wuce. A tebur, e yana nan tun farko.

Nura: Allah ya gafarta Malam, ina da ja. Muna da shanu da shago da sha, ke nan sh a gaban a ba baƙuwa ba ce. Me zai hana mu ce da sh aka ajiye kalmar tun asali?

Malam Sani: Rabin maganarka gaskiya ce, Nura, sh ƙwayar sauti ce mai zaman kanta. Amma wannan jam'in baƙin ƙarshe na tilo yake maimaitawa: wuri, wurare, damo, damame. Abin da ƙasa za ta bayar s ne, don haka sh ɗin daga doka ta fito.

Nura: Na yarda da wannan. Sai dai ku saurari "ragon Sallah", ragwan muke cewa. A kunnena o bai ɓace ba, rabewa ya yi, leɓantawar ta maƙale a g, a ya rage. In haka ne e ma yake yi, lokaci guda abin ke faruwa, ba sai an jera ba. Na faɗi haka a ajinmu, aka yi ta musu har aka tashi.

Hauwa: Wannan ta fi ƙarfina yau. Malam, ga wanda aka ba mu na mako mai zuwa: buzu da bugaje. Na ga dokar Klingenheben ta mai da g wasali a ƙarshen gaɓa, bugzu ya zama buzu, na kuma ga z ta koma j a jam'i. Na juya tsarin sau biyu, amsa ɗaya nake samu. Kuskure na yi?

Malam Sani: Ba ki yi ba. A tilo babu e, a jam'i kuma g ba ta ƙarshen gaɓa, don haka dokokin ba su haɗu ba. Rubuta haka, ki nuna jerin biyu. Nura kuma, ka zo mini da kalmomi goma irin ragwan ranar Asabar mu zauna a kansu.