Idan Duba Ya Nuna Ciwo: Yadda Ake Faɗa

A wani zama da masu duban ƙasa suka yi a Jos, sun fi daɗewa kan batu ɗaya: mace ta zo neman labarin mahaifinta da ke kwance, ƙasa kuma ta ba da alama mai nauyi.

Shawarar dattawansu ita ce kada kalmar mutuwa ta fita daga baki, kada a yanka rana ko wata. Wanda aka ce masa "ba zai kai Sallah ba" yakan daina sayen magani, ya zauna ƙirga kwana. Duba kuma ba ya gane cuta, balle a ambaci sunanta.

Sai a fara da tambaya: "Hajiya, likita ya ga Baba?" In ta ce a'a, a ce: "Na ga nauyi a wajen lafiyarsa, amma gaibu sai Allah. Ku kai shi asibiti gobe, a auna jini da sukari. Maganin da yake sha kada a tsayar."

Wani ya ƙara da cewa kada a ɗora ciwon kan kishiya ko maƙwabci, nan ne gida ke tarwatsewa. Haka tsoratarwa don a karɓi kuɗin sadaka, sun kira shi damfara kai tsaye. In hannun mai neman duban ya fara rawa, a dakata, a ba ta ruwa, a tambayi wanda zai raka ta gida.