Me Za A Gyara a Sabon Jerin Takardun Diyyar Satar Mota?

Bayan manajan sashen biyan diyya na kamfanin inshora ya fitar da takardar cikin gida mai tsaurara sharuɗɗan neman diyyar motar da aka sace, ma'aikata sun zauna sun tattauna, kuma mafi yawan shawarwarin sun tsaya ne a kan makullai.

Sabon jerin ya ce a karɓi makullan motar duka, har da na ajiya. Wani tsohon ma'aikaci ya ce dalilin a fili yake: wanda ya ce an sace motarsa a ajiye, amma makulli ɗaya kawai ya kawo, dole a tambaye shi ina ɗayan. Sai dai wata ta ja hankali cewa motar hannu sau da yawa da makulli ɗaya ake sayenta. Aka amince a karɓi rubutaccen bayani da takardar cinikin motar maimakon a ƙi fayil ɗin kai tsaye. Ni ma nan na tsaya.

Kan rahoton 'yan sanda, an ce a gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke takardar inshora. Harafi ɗaya ya sha bamban, a mayar a gyara kafin fayil ya wuce gaba.