Ku taimaka min da wasiƙar rahoton kuɗi, na maƙale

Salamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya saba da rubuta rahoton kuɗi ga masu ba da tallafi ya cece ni. Ƙaramar ƙungiya ce gare mu, an ba mu naira miliyan 6 don koyar da mata ɗinki, sati mai zuwa zan miƙa rahoton ƙarshe.

Jimillar ba ta da matsala, miliyan 6 ɗin cif muka kashe, amma layuka biyu sun kauce wa bajet. Kekunan ɗinki mun sa miliyan 2, kafin kuɗin su shigo farashi ya tashi sai da muka biya miliyan 2 da dubu 400, wato ƙarin kashi 20 cikin ɗari kenan, sai muka cike giɓin da kuɗin hayar hol tunda mai unguwa ya ba mu wuri kyauta. To yarjejeniyar kuwa cewa ta yi duk canjin da ya haura kashi 10 a layi ɗaya sai an nemi izini a rubuce tukuna. Ni kuma a waya kawai na gaya wa jami'ar da ke kula da mu, ta ce ba komai, ko imel ban tura ba wallahi.

Yanzu ya zan yi, in rubuta ƙarara cewa izinin na baki ne in sa ranar da muka yi wayar, ko in fara neman amincewarsu a rubuce kafin rahoton ya tafi? Kuma bayanin a cikin wasiƙar zan sa shi ko a gefen teburin bajet? Rasit da kotashin na farko da na biyu duk suna hannuna. Tsorona kar su ce mu maido dubu 400 ɗin, don asusunmu babu ko sisi.