Babin jihadin Shehu ya ƙi taƙaituwa, ga jarabawa ranar Alhamis

Ummi: Assalamu alaikum, don Allah ina neman shawara. Ranar Alhamis za mu yi jarabawar tarihi a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Littafin ma aro na yi, gobe mai shi za ta karɓa, ga Umma ba lafiya, ni ke girki, sai bayan isha'i nake zama da fitilar waya. Babin shafi 22 ne, na zauna taƙaitawa na ƙare da shafi 11. Malaminmu ya ce dalilai, shekaru da sakamako yake so. Yaya zan yi?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Umma lafiya. 'Yata, kwafa kika yi, ba taƙaitawa ba, don littafin yana buɗe a gabanki kike rubutu. Karanta sashe ɗaya, rufe shi, sannan ki ɗauki biro.

Dalilan nan kashi biyu ne, kada ki cakuɗa su. Akwai waɗanda suka daɗe suna cin mutane: haɗa Musulunci da tsafi a fada, rashin adalci a shari'a, da nauyin haraji, musamman jangali da ya ishi makiyaya. Akwai kuma abin da ya kunna wutar a Gobir. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza rawani, mata lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa. Sai a zamanin Yunfa, wanda ya gaji Nafata, aka kai wa mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, hari a Gimbana, jama'ar Shehu suka kwance waɗanda aka kamo. Wannan duka rabin shafi ne.

Auwal: Ni dai shekaru na haddace na ci. 1754 haihuwar Shehu, 1804 jihadi, 1808 aka ci Sakkwato, 1817 rasuwarsa. Shi ke nan.

Malam Bala: Auwal, ba Sakkwato aka ci a 1808 ba, Alkalawa ce, babban birnin Gobir, a nan aka kashe Yunfa. Sakkwato sai a 1809 Muhammadu Bello ya kafa ta. Kin ga illar haddar shekara tsirara, Ummi? Kowace shekara ki ɗaura mata abin da ya faru da abin da ya haifar, a layi ɗaya. Misali: Fabrairu 1804, hijira daga Degel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, jama'a ta fita daga ƙarƙashin sarkin Gobir. Yuni 1804, Tafkin Kwatto, nasarar farko a kan Yunfa, mutane suka fara yarda za a iya. Layi bakwai ko takwas irin wannan sun ishe ki.

Ummi: Malam, na gode, amma ba kwafa na yi ba, da kalmomina na rubuta. Kuma yaƙin Tsuntsuwa da aka rasa mahaddata Alƙur'ani da yawa, ta yaya zan tsallake shi? Shafi guda na ba shi.

Maman Sadiq: Ke kin ma yi sa'a kuna da malamin tarihi. Ɗana zango biyu babu mai shiga musu aji, ƙarshe aka sayar musu da takardu. Ummi, nemi tambayoyin shekarun baya ki bi, ki bar wahalar da kanki.

Ɗan Maraɗi: Ni wurin sakamako nake da magana. Kullum sai a rubuta "an kafa daula ɗaya, ilimi ya yaɗu" a tsaya. To waɗanda aka kora fa? Sarakunan Katsina na dā nan Maraɗi suka kafu, Gobirawa suka yi Tsibiri, Makau na Zazzau ya yi kudu, 'yan uwansa suka kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja. Yaƙi bai ƙare da faɗuwar Alkalawa ba. Ƙanwata, ki ware musu layi.

Malam Bala: Gaskiya ne, ki sa shi ƙarƙashin sakamakon siyasa, tare da raba mulki a 1812, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi ɗan Fodiyo. Tsuntsuwa kuwa ban ce ki jefar ba, layi ɗaya: ƙarshen 1804, an sha kashi, an yi asarar malamai. Gwaji mai sauƙi, ki ba ƙaninki takardar ya tambaye ki me ya sa aka yi hijira. In sai kin juya shafi kafin ki amsa, ba ta taƙaitu ba. Shafi biyu, kada ta wuce.

Maman Sadiq: Shafi biyu ya yi kaɗan, Malam. Masu duba takarda bayani suke so.

Ummi: Na rage zuwa shafi 7, ƙasa da haka ba zan iya ba, tunda littafin zai tafi gobe. To gardamar Bello da El-Kanemi na Borno fa, a sakamako zan sa ta ko ta zauna ita kaɗai? Malam Bala, kana nan?