Saura kwana 12 jarrabawa kuma ba kalkuleta: hadda zan yi ko tsinka lamba?

Rumaisa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. An kira ni jarrabawar neman aiki, saura kwana 12. Tambaya 30 ce a minti 25, wato daƙiƙa 50 kowace tambaya, kuma sun rubuta ƙarara cewa ba a shiga da kalkuleta ko waya. Yawancin tambayoyin gwajin da suka turo na kashi cikin ɗari ne. Lokacin karatuna bai wuce awa ɗaya da dare ba, shi ya sa nake so in tsaya a kan hanya guda: ko in haddace 1/2 har zuwa 1/12 da kashinsu cikin ɗari, ko in yi ta gwada fitar da 10% da 5% da 1% har hannuna ya faɗa. Ga wadda ta kayar da ni jiya: mutum 412 cikin 1,180 kashi nawa ne? Zaɓin 31, 33, 35, 38. Na mayar da shi 400 bisa 1,200, na ga sulusi, na zaɓi 33. Amsar wai 35. Waɗanda suka taɓa zama irin wannan, me ya cece ku?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam ƙanwata. Dabara ɗaya ce ta fitar da ni, ki juya lambobin. 48% na 75 daidai yake da 75% na 48, wato kashi uku cikin huɗu na 48, 36 ke nan. Ko biro ba ki taɓa ba. Ki riƙe wannan ta ishe ki.

Injiniya Sabo: Ki sayi agogon hannu mai kalkuleta kawai, ba sa dubawa.

Rumaisa'u: Yaya Sabo ba satar amsa na zo tambaya ba. Anti Bilki na gode, amma ta yaya zan juya 412 cikin 1,180? Ban ga abin juyawa ba.

Anti Bilki: To wannan kam ba ta juyuwa. Ni irin waɗancan aka fi kawo mana.

Malam Tanko: Rumaisa'u, amsarki ta jiya ba rashin hadda ya ɓata ta ba, ai kin san sulusi 33 ne da ɗoriya. Wurin gyara lambobin kika zame. Kin sauke ta sama daga 412 zuwa 400, kin rage mata kusan 3% ke nan. Kika kuma ɗaga ta ƙasa daga 1,180 zuwa 1,200, ƙarin da ya kusa 2%. A rabawa, rage ta sama yana ƙanƙanta amsa, ƙara ta ƙasa ma yana ƙanƙanta amsa. Kurakuran biyu sai suka haɗu suka ja gefe ɗaya, amsarki ta gaza da kusan kashi 5 cikin ɗari na kanta, kuma tazarar 33 da 35 ba ta fi haka da yawa ba.

In za ki gyara lambobi a rabawa, ki tura su gefe ɗaya. Kin ƙara wa 1,180 ashirin, wato kamar ɗaya cikin sittin nata. To 412 ma ki ƙara mata ɗaya cikin sittin nata, kusan 7. Ta zama 419, ki ce 420. 420 bisa 1,200 shi ne 35 bisa 100. A ninkawa kuwa akasin haka ake yi, in kin ɗaga ɗaya sai ki sauke ɗayar.

Amma ni da ɗalibaina ba ma ko bin nan. 10% na 1,180 shi ne 118. Sau uku, 354. Daga 412 saura 58, kuma rabin 118 shi ne 59, wato 5%. Talatin da biyar ke nan, saura ƙiris. Shekara goma sha shida ina koyar da lissafi, wannan hanyar nake sa mai ƙaramin lokaci ya kama, don ba lambar da take ƙi.

Baban Halifa: Duk ku bar wannan maganar. Ni hadda ce ta kashe ni, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Wata uku na yi ina shiri. Na rubuta sudusi 16.7, subu'i 14.3, sumuni 12.5 a kati na manna a jikin madubi, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo su. Ranar jarrabawa aka ba mu jadawali, shekarar farko 640, ta biyu 800, aka ce da kashi nawa ta farko ta gaza ta biyu. Na ga bambancin 160, idona ya faɗa kan 640, nan take ƙwaƙwalwata ta ce rubu'i, 25%. Ga 25 kuwa zaune a zaɓi na biyu kamar tana jirana. Ban kai daƙiƙa goma ba na wuce, har ina jin daɗin saurina. Sai a hanyar komawa gida na gane da 800 ake aunawa, 160 bisa 800, 20%. Maki 18 suke nema, na sami 17. Ɗaya tal. Na yi sati ban iya kallon matata da maganar ba, ita da ta riƙa yi mini tambayoyin katin da dare. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, wanda ke gabana waya ce a cinyarsa tun daga farko har ƙarshe, mai tsaron yana kallon taga.

Ummi A.: Allah sarki Baban Halifa. Allah ya musanya da mafi alheri.

Baban Halifa: Amin Ummi. Na rubuta musu takarda har sau biyu a kan mai wayar nan, ko amsar "mun gani" ban samu ba.

Ɗan Auta: Ni fa 10% kaɗai na sani a duniya, shi ma don batirin wayata kullum a nan yake zaune.

Malam Tanko: Baban Halifa, ka yi haƙuri, abin da ciwo. Amma ba hadda ta kayar da kai ba. Ko kalkuleta ce a hannunka 160 bisa 640 za ka danna, ta ba ka 25. Masu tsara tambayar da gangan suke ajiye amsar kuskuren a cikin zaɓi. Kafin a fara lissafi sai an tsaya an gane da wace lamba ake aunawa. Daga 640 zuwa 800 hawan 25% ne, daga 800 zuwa 640 saukar 20%.

Baban Halifa: Malam, da girmanka, kai a gaban allo kake, ba ka zauna agogo yana ƙirga maka daƙiƙa 40 ba. Hadda tana sa mutum gaggawa, yana ganin lambar da ya sani sai ya cafke. Wanda ya shiga ɗakin shi ya san zafinsa.

Anti Bilki: Daƙiƙa 40 kuma? Mu minti ɗaya da rabi aka ba mu kowace tambaya, har na koma na duba.

Injiniya Sabo: Tawa 20 ce a minti 12. Kowa dai da irin tasa. Kuma Baban Halifa subu'i 14.7 ne ba 14.3 ba, ka ga ko haddar taka da gyara.

Ummi A.: Yaya Sabo 14 sau 7 ai 98 ne, saura 2 a raba wa 7, bai kai 0.3 ba ma. 14.3 ɗin dai.

Injiniya Sabo: To na ji. Da 16.7 na haɗa.

Hajiya Mairo: Ni ban yarda a ce sai wanda ya faɗi ne kaɗai ke da bakin magana ba. Na zauna sau biyu, na faɗi ta farko na ci ta biyu, kuma abin da na canja ba shi da yawa. Na fara kallon zaɓin kafin in taɓa lissafi. In sun yi nisa da juna, kamar 12, 25, 40, 60, ƙiyasin ido ya isa, in gyara lambobi yadda na ga dama in wuce. In sun matse kamar naki, Rumaisa'u, 33 da 35, to na san an haƙa rami, sai in bi hanyar Malam a hankali.

Amma Malam, hadda ma tana da ranarta. Ɗauki 37% na 248. Ta hanyarka sai na yi 24.8 sau uku, in ƙara 12.4, in ƙara 2.48 sau biyu, duk ina riƙe da ɗigo a ka. Ni kuwa na san sumuni uku 37.5% ne. 248 a raba 8, 31. Sau uku, 93. In cire rabin kashi ɗaya, wato ɗaya da 'yan kai, in sami kusan 91.8. Numfashi biyu na gama. Ban haddace har sha biyu ba, 6, 7, 8, 9 da 11 kawai. Na 9 da na 11 ma musaya suke yi, 1/9 shi ne 11.1, 1/11 kuma 9.1.

Malam Tanko: Wannan gaskiya ne Hajiya, a 248 kin riga ni. Sai dai don 8 ta shige ta daidai ne. Ba ni 37% na 263 mu gani.

Hajiya Mairo: In ce 264, sumuninsa 33, sau uku 99, in rage kusan biyu. Wajen 97.

Malam Tanko: 97.3. To ba laifi. Amma ke kin daɗe kina yi, yarinyar nan kwana 12 gare ta.

Rumaisa'u: Wato lamba biyar ɗin Hajiya in haddace a dare biyu, sauran kwanakin in bi ta Malam? Ko haɗa su zai rikita ni a ɗakin, in tsaya ina tunanin wace zan ɗauka?

Baban Halifa: Zai rikita ki. Amma ni tambayata, wane aiki ne yau ake yi ba kalkuleta? Ka shiga ofis ɗin, wanda ya tsara jarrabawar ko 15% na 60 sai ya jawo waya. Su tace mutane kawai suke so.

Ummi A.: Ni abin da ya fi damuna ba sa nuna maka takardarka. Kai Baban Halifa har ka ji makinka. Ni wata biyar ke nan, ko "ba ki yi nasara ba" ba su turo ba. Kullum sai na buɗe saƙonni.

Anti Bilki: Wallahi Ummi haka suka yi wa ƙanena. Daga baya ya ga sun sake tallata gurbin.

Ɗan Auta: 15% na 60 tara ne. A ba ni aikin.

Hajiya Mairo: Ba duka suke haka ba, inda na shiga cikin sati biyu suka kira. Ummi ki sake rubuta musu, wani lokacin saƙon yana faɗawa akwatin tarkace.

Ummi A.: Na duba can ma Hajiya. Babu.

Rumaisa'u: Allah ya sa ki ji alheri Ummi. Malam Tanko, in kana nan, na gwada wata yanzu: 529 cikin 1,470. Na fitar da 147, sau uku 441, saura 88. Na cire 73 da rabi na 5%, saura 14 da rabi, kusan 1%. Na sami 36, kuma daidai ne, amma agogo ya nuna daƙiƙa 70. Ban sani ba ko sauri zai zo cikin kwana 12. Sannan wa ya san ko suna ba da takardar yin lissafi a gefe, ko duk a ka ake riƙewa?

Injiniya Sabo: Mu sun ba mu.

Baban Halifa: Mu har biro sai da suka karɓe.