Kaya ya ƙare a kanta, kasuwar intanet tana ta karɓar oda

Auwalu: Salamu alaikum. Ina sayar da takalma a shago da kuma kasuwar intanet. Duk bayan minti 15 manhajar shago tana tura wa kasuwar adadin da ya rage, amma har yanzu odar abin da ya ƙare tana shigo min, sai dai in soke in ba da haƙuri. Abin yana damuna, don yawan soke oda yana zubar da darajar mai shago a kasuwar. Wa ya taɓa fama da wannan?

Maman Khalifa: Minti 15 ya yi yawa. Ni na mayar da nawa minti 5, kuma na ga sauƙi.

Malam Sani: Rage lokacin yana taimakawa, Maman Khalifa, amma ina zargin ba nan gizo ke saƙa ba. Auwalu, duba abin da manhajarka ke fara yi: jawo oda, ko tura adadi? A ce kana da takalmi 5. Wani ya yi odar 2 a intanet, kasuwar ta rage nata lissafin zuwa 3, amma odar ba ta iso manhajarka ba tukuna. Sai ka sayar da 1 a shago. Manhajar ta ga saura 4, ta tura 4, ta goge ukun da kasuwar ta rubuta. Na gaskiya kuwa 2 ne. Ka ga da hannunta ta ƙara maka biyun da babu su. Alamar ita ce ka ga adadi ya hau a kasuwar alhali ba ka saro komai ba. A wajena sai da aka gyara tsarin: a fara jawo oda, a keɓe kayanta nan take tun kafin a naɗe, sannan a tura abin da ya rage.

Bashir: Ni dai na ce ka sa ido kan yaran shago. Nawa giɓin daga nan ya fito.

Auwalu: A'a Bashir, ƙidayar kanta tana daidai da ta manhaja. Malam, na duba tarihin wani takalmi, tabbas ya tashi daga 1 zuwa 2 ba dalili.

Hajiya Rabi: Ko an gyara wannan, na ƙarshe a kanta zai iya tafiya wuri biyu a minti ɗaya. Shi ya sa nake ɓoye 2 daga duk kayan da ke saurin tafiya: in saura 6, kasuwar ta ga 4.

Maman Khalifa: Hajiya, ni da yawancin kayana ɗaiɗai ne fa? In na ɓoye, me zan nuna?

Malam Sani: Irin wannan sai dai ki ware shi ga intanet kaɗai, ki ɗauke shi daga kanta.

Hajiya Rabi: Abin da ya rage min shi ne kayan da aka dawo da su. Manhajata tana mayar da su lissafi tun suna hanya, ban ma ga ko sun lalace ba. Akwai wanda ya san yadda ake hana ta?