Takardun buɗe asusun kamfani: wace ta rage, wace ta mutu?

Mai Aya, Ɗan Gulbi

Salamu alaikum jama'a. Ni da ƙanena mun kafa kamfanin saye da sayar da aya da wake a nan Maraɗi, SARL ne, wato kamfanin haɗin hannun jari, ni ne jeran, wato mai tafiyar da shi. Rajista ta kammala, RCCM, wato takardar rajistar kasuwanci, da NIF, wato lambar haraji, duk sun fito. Na je banki sun ba ni takardar nan da suke ba kowa ta abubuwan da ake kawowa: kwafin RCCM, kwafin NIF, sitati, wato takardar dokokin kamfani, takardar naɗa jeran, katin ɗan ƙasa na duk wanda zai riƙa sa hannu, hoto bibbiyu, da shaidar wurin zama wadda ba ta wuce wata uku ba. A ganina duk ina da su cikin ambulan. Amma maƙwabcina a kasuwa sai da ya ajiye dosiyensa ya koma gida sannan aka kira shi ya zo ya ɗauki abinsa. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ina ne ake tuntuɓe? Yau 10 ga Yuni, ina son asusun ya buɗe kafin ƙarshen wata, don akwai mai sayen da ya ce ba zai biya ba sai ta banki kuma da sunan kamfani.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji. Teburin buɗe asusu na zauna shekara da shekaru kafin in yi ritaya. Takardar da suka ba ka sunayen takardu kawai ta jera, shi ya sa mutum yake ƙirgawa ya ga bakwai sun cika ya ɗauka ya gama. Mu kuwa in dosiye ya zo, bayan ƙirga sai mu duba kwanan watan kowace, sannan mu jera su gefe da gefe mu ga ko bakinsu ɗaya a kan suna da adireshi. Mafi yawan waɗanda na mayar gida ba rashin takarda ya mayar da su ba. Zazzage ambulan ɗin ka rubuto mana ranar da aka yi kowace, da yadda aka rubuta sunanka a jikin kati da jikin RCCM, harafi da harafi. Ka kuma faɗa mana wa da wa za su sa hannu a kan asusun.

Ɗan Kabu-kabu, Bagalam

Ni dai da kati da hoto biyu na je, ban yi awa biyu ba aka ba ni lamba. Alhaji ka buɗe da sunanka kawai mana, duk wannan wahala ta mece ce?

Mai Shagon Taya

Kai yaro asusun ajiyar kanka ka buɗe, wannan na kamfani ake magana. Alhaji abin da zan gaya maka, ka duba RCCM ɗinka da kyau, don kowace shekara yana mutuwa sai an sabunta. Ni bara da na je buɗe nawa cewa aka yi takardata ta tsufa, sai da na koma aka buga mini sabuwa.

Magatakardan Noter

Malam mai taya, RCCM ba ya mutuwa da shekara. Lamba ɗaya ce ake ba ka, tana nan har ranar da aka soke rajistar. Abin da ke zagayowa kowace shekara harkar lampo ce, ita ma takardar shaidar cewa ba a bin ka bashin haraji tana da wa'adinta a rubuce a jikinta. Amma ba ƙarya ka yi ba, ana mayar da mutum saboda RCCM. Wani bankin yana son kwafin da girefiye, wato magatakardan kotu mai riƙe da rajistar, ya fitar kwanan nan, don ya tabbata ba a canja komai ba tun ranar rajista. Wani lokacin kuma takardar ce ta daina faɗin gaskiya: ka tashi daga shagon da ta ambata, ko ka yi rajistar taya yanzu kana sayar da siminti. Dokar kasuwanci ta OHADA ta ce in abu ya canja a je a gyara rajista cikin kwana talatin, mutanenmu kuwa ba mai zuwa sai ranar da banki ya tare shi. Ina jin ɗaya daga cikin biyun nan ne ya same ka.

Mai Shagon Taya

To wurin zama ne lalle, don na bar Sabon Gari tun tuni. Amma ni dai abin da aka ce mini ke nan, ta tsufa.

Mai Aya, Ɗan Gulbi

Ga su Baba. RCCM da NIF na watan Afrilu ne. Shaidar wurin zama an yi ta 20 ga Fabrairu, lokacin da muke haɗa takardun rajista. Katina irin na kwalin nan ne, wa'adinsa yana ƙarewa 2 ga Yuli, na ƙanena kuwa da sauran shekara biyu. A kati an rubuta Mahamadou, a RCCM Mahaman. Takardar naɗa jeran ban gan ta daban ba, amma cikin sitati akwai wurin da aka ce ni ne. Mu biyu za mu riƙa sa hannu, don nakan yi tafiya Tasawa da Gidan Rumji sayen kaya, shi yake tsaron shago.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Zariya

Madalla, yanzu muka ga aiki. Shaidar wurin zama ta mutu tun 20 ga Mayu, wannan ba gardama. Kuma kada wani ya ce maka ka kai kwafinta meri a buga hatimin yau. Hatimin yana shaida cewa kwafi ya yi daidai da asali ne kawai, banki ranar da aka rubuta asalin yake dubawa.

Katinka yana da rai yau, amma sauransa kwana ashirin da biyu. A bankin da na yi aiki dosiyen kamfani ba ya ƙarewa a Maraɗi, sai ya je Yamai masu tantancewa sun duba. In ya kwana a can har katin ya mutu, dawowa zai yi. Ko an yi sa'a ya wuce, da zarar na'ura ta ga wa'adi ya cika za a fara kiranka, wani wurin har a tsayar maka da cire kuɗi. Ga shi a daidai lokacin kake jiran kuɗin mai saye.

Takardar naɗa jeran ba ta ɓace ba. Ana naɗa jeran cikin sitati ko a takarda daban, tunda naka yana ciki, ka naɗe kunnen shafin ka nuna musu. Wadda babu ita ce wadda jerin nasu bai ma ambata ba. Ƙanenka yana da hannun jari, amma hannun jari ba ya ba mutum ikon taɓa asusun kamfani, jeran ne ke da wannan iko. Sai ka ba shi wakilci a rubuce, kuma bankuna da yawa suna da fom ɗinsu na haka. Ka yanke shawara tun daga gida: kowa zai iya cirewa shi kaɗai, ko sai hannu biyu sun haɗu? Mai tafiya irinka in ya zaɓi hannu biyu, ranar da yake Tasawa cak ba zai fita ba.

Sunan shi ya fi damuna. Ni da kai mun san Mahamadou da Mahaman mutum ɗaya ne, wanda ke Yamai da bai taɓa ganinka ba mutum biyu yake gani. Ɗauko takardar haihuwarka, ita ce uwa, duk wadda ta saɓa mata ita za a gyara. In RCCM ne ya kauce, ka duba sitati da NIF su ma, don kuskuren yakan bi su duka tunda daga dosiye ɗaya aka kwafa.

Kada ka fara da mai sauƙi. Kati tukuna a kwamisariya, saboda wakilcin da za ka rubuta da fom ɗin banki duk lambar kati da ranar da aka yi shi suke ɗauka, in ka cike su da tsohon sai an sake. A lokaci guda ka sa a fara gyaran suna, shi ne mai cin lokaci. Shaidar wurin zama ta zama ta ƙarshe, ana gobe za ka kai dosiye.

Hajiya Mai Man Gyaɗa, Ali Ɗan Sofo

Alhaji Allah ya sa albarka a kasuwa. Mu ƙungiyar mata ce, da muka tashi buɗe namu takardar taron da muka zaɓi masu sa hannu aka fara tambaya, mu uku. Inda muka sha wuya wajen ma'ajiyarmu ne. Takardar haihuwarta irin ta jastis ce, shekara kawai aka sa ba rana ba wata, a katinta kuma an sa mata 1 ga Janairu. Yarinyar da ke teburin ta ce ba su yi daidai ba, sai da shugabanta ya fito ya ce haka ake yi wa duk mai irin wannan takarda, aka wuce. Ku duba ranar haihuwa ma, ba suna kaɗai ba.

Sai maganar wuri. Ɗakin da muke tuya na haya ne, takardar wutar NIGELEC da sunan mai gida take zuwa. An ƙi karɓarta ita kaɗai, sai da muka haɗa da takardar haya mai sa hannunsa. Dattijon ma da ƙyar ya yarda ya sa, wai tsoro yake kada ƴan lampo su biyo shi.

Mai Shagon Taya

Ni kuwa Hajiya takardar wutar mai gidana na kai aka karɓa, ba wanda ya tambaye ni ta haya.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Zariya

Duk biyun suna faruwa, kowane banki da tsaurinsa, wani lokacin ma kowane ma'aikaci. Shi ya sa Alhaji ka koma da jerin nan ka tambaye su baki da baki: shaidar wurin zaman ta gidanka suke nufi, ko ta shagon da RCCM ya ambata, ko duka biyu? Layin nan ɗaya ne a takarda amma sau da yawa abu biyu ake nema da shi. Ka tafi da asalin kowace takarda ranar ajiyewa, ko da kwafinka yana da hatimi.

Magatakardan Noter

Ƙari ɗaya ga masu tsohon kamfani da ke karantawa. In sitati bai faɗi tsawon wa'adin jeran ba, shekara huɗu doka ta ba shi, bayan nan sai masu hannun jari sun zauna sun sabunta a rubuce. Na ga wanda ya kawo sitati mai shekara bakwai yana cewa shi ne jeran, banki ya ce ina takardar sabuntawa. Alhaji kai bai shafe ka ba yanzu. Gyaran suna kuwa, ka fara komawa wurin wanda ya rubuta muku sitati, don in daga can kuskuren ya taso sai an gyara can kafin girefiye ya taɓa RCCM.

Mai Aya, Ɗan Gulbi

Na duba, takardar haihuwa Mahamadou ta ce, sitati ma haka, NIF ma haka. RCCM ne kaɗai ya kauce. Malam magatakarda, tunda ba daga wurinmu ba ne, shi ma sai na biya kuɗin gyara? Kuma Baba, banki zai karɓi dosiye da rasiɗin neman gyaran, ko sai gyararriyar ta fito?

Tsohon Ma'aikacin Banki, Zariya

A zamanina na ga an karɓa an buɗe asusu kuɗi suna shiga, amma an hana littafin cak sai gyararriyar ta zo. Na kuma ga inda aka ƙi sam. Ka nemi ganin shugaban reshe da kanka, da sitati da takardar haihuwa a hannu, kada ka tsaya ga amsar gishe.